Sunan da Wa-da-Yaushe ta rubuta

A kamfanin da ke kafa wa mutane sola, ba mai kiranta da sunanta na yanka. Wa-da-Yaushe ake ce mata, kuma ita ta jawo wa kanta. Teburinta na kusa da tagar da ke kallon harabar motoci, aikinta kuwa shi ne ta saurari saƙonnin muryar da Shugaban tawaga ke zubawa yana tafe yana haki, ta mayar da su abin da ɗan Adam zai iya aiki da shi.

Shugaba mutumin kirki ne, amma bakinsa ba ya kama suna. Sai ya ce, "Yauwa, a ɗan leƙa batiran makarantar nan, kuma wani ya kira matar da injinta ke ƙara, nan kusa dai." Ita kuma ta raba maganar gida biyu, ta aika masa tambayoyinta: wa, kuma yaushe? Ba ta taɓa cike masa da zato. Sai ya amsa sannan ta rubuta wa tawaga: "Auna batiran makaranta, a turo hoton sakamakon. Mai aiki: Dogo. Lokaci: Talata kafin azahar ta yi." Aiki ɗaya, mutum ɗaya, don ta ga yadda aikin mutum biyu ke kwana a ƙasa kowa na jiran ɗan'uwansa. Kuma ba ta sakin aiki sai mai shi ya rubuto, "Na karɓa."

A gida ta koyi wannan. Ita ce babba a ɗakinsu. In uwarsu ta ce a share tsakar gida, ƙannenta su zama kurame, ita ce ke ƙarewa da tsintsiya a hannu. Ta girma da haushin aikin da ba shi da mai shi, da kuma mugun halin ɗaukarsa in ta ga ya yi maraici.

Ranar da nake ba ku labari, saƙon ya shigo wayarta ita kaɗai, ba cikin zauren saƙonnin tawaga ba. Muryar Shugaba ta yi ƙasa.

"Kin ga, sakamakon gwajin idon direbobi ya fito. Na Baba bai yi kyau ba. Likita ya ce kada ya ƙara tuƙi. A dai samu wani ya yi masa bayani cikin hikima."

Baba Direba ya fi kowa daɗewa a kamfanin. Shi ya riƙa kai Shugaba makaranta tun yana ɗan mitsitsi, lokacin mahaifinsa ke riƙe da wurin. Kuma gobe da sassafe shi ne zai ja motar kaya zuwa wani aiki mai nisa, ta hanyar da manyan motoci ke rububi, da ma'aikata a ciki. Cikinsu har da Auta, ƙanenta, wanda ita ta roƙa aka ɗauke shi aiki.

Abin da ya fi damunta, ta daɗe da zargin haka. Watanni ke nan Baba na zuwa teburinta kowace yamma, ya ce, "'Yata, karanta min nawa aikin, wayoyin zamanin nan rubutunsu kamar ƙafar tururuwa." Ta karanta masa, su yi dariya, ta kawar da kai.

Ta rubuta: "Wa zai faɗa masa? Yaushe?"

"Duk wanda kika ga ya dace," in ji Shugaba. "Ku mata kun iya magana."

To fa. Ta san wannan hanyar sarai, ita ce wadda ke ƙarewa da tsintsiya a hannunta. Ta kalli taga. Baba na wanke motar, yana shafa gilashin da tafin hannu yana neman inda datti ya rage. In ta yi shiru, gobe zai tuƙa. In ta faɗa masa da kanta, dattijon zai ji ƙarshen aikinsa daga bakin wadda ba ta da ikon karɓar makulli, ba ta kuma da amsar abin da zai tambaya na gaba.

Ta rubuta, ta tura wa Shugaba shi kaɗai:

"Zama da Baba, faɗa masa sakamakon likita, karɓar makullin mota, da naɗa direban gobe. Mai aiki: Shugaba. Lokaci: yau kafin a tashi."

Alamar an karanta ta fito. Amsa ba ta zo ba.

Yamma ta yi, ta tura ayyukan gobe a zauren tawaga, ta bar gurbin direba da cewa ana jiran Shugaba. "Na karɓa" suka yi ta shigowa. Auta ya leƙo yana tsokana.

"Yaya, yau Wa ɗin ya ɓace miki ne? Ko da ƙafa za mu je?"

"Fita ka ba ni wuri," ta ce, da kaifin da ya sa ya fita ba gardama.

Sai ga Baba, yana goge hannu da tsumma.

"'Yata, karanta min nawa."

Maganar ta zo mata har baki. Tausayi ya kusa sa ta ɗauki aikin faɗa masa, kamar yadda ta saba. Ta haɗiye.

"Baba, naka yana wurin Shugaba yau. Shi zai faɗa maka."

Ya ɗan tsaya yana kallon wajen da fuskarta take. "To," ya ce, ya koma wajen motarsa.

Ana shirin rufe ofis Shugaba ya fito, ya tsaya a kanta, ya sauke murya don kada a ji.

"Ni kike ba wa aiki? Kin manta wa ke ba wa wani a nan?"

"Ban manta ba, ranka ya daɗe. Faɗi wani sunan, yanzu in canza."

"Dogo..."

"Dogo ne zai karɓi makulli a hannun Baba? In ya tambaye shi makomarsa, me zai ce?"

Fushin ya zube daga fuskar Shugaba, abin da ya rage tsoro ne.

"Mutumin nan ya goya ni a bayansa," ya ce.

"Shi ya sa. Ni kuma ƙanena na cikin motar nan gobe."

Ya daɗe a tsaye. Ta ɗauka korarta zai yi, har ta fara tunanin abin da za ta ce a gida. Sai ya zaro wayarsa ya danna, tata ta yi ƙara a kan tebur. "Na karɓa." Ya fita harabar.

Ta taga ta gani, ba ta ji komai ba. Shugaba na magana kansa a ƙasa. Baba ya ƙarasa goge madubin gefe tukuna, ya ninke tsumman, sannan ya ciro makulli daga aljihu. Da ya miƙa, hannunsa ya ɗan kauce wa na Shugaba, sai da Shugaba ya tare shi da hannu biyu. Nan hawaye suka zubo mata, na sauƙi da na kunya a haɗe.

Washegari Dogo ya tuƙa, suka je suka dawo lafiya. Da yamma, lokacin da ya saba, Baba ya shigo ya tsaya gaban teburinta. Ya buɗe baki zai yi maganar kullum, sai ya tuna, ya fasa.

A wayarta akwai sabon saƙon Shugaba tun rana: "A dai samar wa Baba wani abu a sito, in an samu sarari." Ta riga ta tura tambayoyinta biyu, ba a amsa ba.

"Zauna, Baba," ta ce, ta jawo masa kujera. "Naka bai fito ba tukuna."

Ta ɗauki wayar ta sake turawa: "Wa? Yaushe? Yana zaune a gabana."