Malam Sheshi Ya Shiga Lissafi

Malam Sheshi malamin lissafi ne a wata sakandare a Tunga. Gajere ne, amma bai taɓa yarda da hakan ba, kuma doguwar hularsa tana taya shi musu.

Wata rana ya raba wa ajinsa takarda ɗauke da tsawon ɗalibai biyar a santimita: 150, 150, 152, 158, 170. Ya nuna musu in an tara aka raba biyar, matsakaici 156 ne. In an jera su, lambar tsakiya 152 ce, mai yawan fitowa kuwa 150.

Sai wata ɗaliba, Purity, ta ce, "Malam, mu saka ka na shida mana."

"Rubuta 160," in ji shi.

Aji ya dage sai an gwada, kuma ban da hula. Aka samu 150 cif. Matsakaici ya sauko 155, lambar tsakiya ta koma 151.

Malam ya dubi allo, sannan ya ce, "To, kun gani dai, irina ne suka fi yawa."

Har malamai yanzu Mai Yawan Fitowa suke kiransa, yana kuma amsawa.