Mutumin Lome Bai Roƙi Kawu Ba

Ina koyar da Faransanci a wata sakandare a Funtuwa lokacin da kawuna, wan mahaifiyata, ya fara ciniki da wani ɗan kasuwa na Lome, can ƙasar Togo. Kawu dillalin waken suya ne, yana saye daga manoman Maska da Dayi. Mutumin da Faransanci yake rubuto imel, manajan Kawu kuwa, wani Bayarabe haifaffen Funtuwa, da Turanci yake aiki. Sai aka ce ni zan riƙa juya wasiƙun zuwa Turanci, manaja ya karanta wa Kawu.

Ban taɓa aikin ofis ba. Na zaci amana ita ce kada in bar kalma ko ɗaya.

Wasiƙa ta uku ta buɗe da "Je me permets de revenir vers vous", ta rufe da "Je vous prie d'agréer, cher Monsieur, l'expression de mes salutations distinguées". Na bi su kalma-kalma. Ta farkon na rubuta "I permit myself to come back to you", ta ƙarshen kuma "I beg you to accept". Manaja ya fassara wa Kawu: mutumin ya dawo, yana roƙo a karɓa.

Kawu ya yi murmushi ya ce, "Ashe a matse yake. A ƙara masa farashi, kuma kada a yi saurin amsawa."

Ina zaune a wurin. Na san gaisuwa ce kawai, irin wadda suke rufe kowace wasiƙa da ita, amma na ji nauyin gyara wa babba magana gaban manajansa. Na bar maganar ta wuce.

Bayan kwana tara amsa ta zo. Ina buɗewa na ga canji. A da da "Cher Monsieur" yake farawa, yanzu "Monsieur" kawai. A ƙasa babu doguwar gaisuwar, sai kalma ɗaya, "Salutations". Layi biyu ne a tsakiya: sun ga sabon farashi, za su duba wasu wurare. Wanda ya san harshen ya san an tsuke fuska.

Daga tagar ofis ina hango buhuna jibge har rufin sito, ga wata mota daga Dayi ana sauke wasu. Duk saboda mutumin nan Kawu ya tara su. Na rufe wasiƙar ban juya ta ba. Na ce kaina ke ciwo, na hau keke napep na koma gida. Kwana biyu ban leƙa ofis ba. Na yi tunanin in juya wasiƙar da "Dear Sir" da "Regards" in miƙa, babu mai gane ɓacin ran da ke ciki. Sai dai in cinikin ya watse, da wane ido zan dubi mahaifiyata?

Rana ta uku na tari manaja kafin Kawu ya iso, na faɗa masa komai.

Ya ce, "Malama, ai Baturen Ingila ba ya wannan doguwar gaisuwa. Duk layin nan 'Yours sincerely' ne in an kira sunan mutum a sama, in kuwa 'Dear Sir' aka sa, 'Yours faithfully'. Na farkon fa, me yake nufi?"

"Tuni ne kawai. Yana bin sawun wasiƙarsa ta baya."

"To 'I am following up on my last email' ke nan. Ke za ki gaya wa Alhaji, ba ni ba."

Da Kawu ya zauna na durƙusa. Na ce, "Kawu, mutumin bai roƙe ka ba. Kamar mu ce 'a huta lafiya' ne. Ni na juya ba daidai ba, kuma na sani tun ranar."

Ya juya ya kalli sito. Na fi son ya yi faɗa.

"Tun ranar?"

"E, Kawu."

"Tashi ki rubuta masa. A koma farashin farko, a ba shi haƙurin jinkiri. Ki gaishe shi yadda suke gaisawa."

Na rubuta da Faransanci, na rufe da cikakkiyar gaisuwa, na ajiye wa manaja kwafin Turanci mai "Yours sincerely". Sati guda muna jira. Ko a aji ina leƙa waya a ƙarƙashin tebur.

Amsar ta zo da "Cher Monsieur" a sama, "Bien cordialement" a ƙasa, na juya ta da "Kind regards". Amma rabin kayan kawai zai ɗauka, ya riga ya sayi saura a wani wuri. Ragowar Kawu ya sayar da su a hankali a kasuwar hatsi, ba da ribar da ya sa rai ba.

Bai gaya wa mahaifiyata ba. Ni na gaya mata da kaina bayan wata biyu, muna tsince shinkafa a tsakar gida.