Layi na Ukun da Goggo Ta Soke

Goggona, yayar mahaifinmu, ko ruwan kwalba aka miƙo mata sai ta duba murfin. Shekarun aikinta duk a tagar biyan kuɗi ta asibiti ta ƙarar da su, ta fito da fansho, da ciwon baya, da kuma imanin cewa duk mai yawan murmushi akwai abin da yake ɓoyewa. A gida Sai-na-gani muke kiranta, a bayan idonta dai.

Jikanta Auta kurma ne. Dalilinsa ta shiga kwamitin makarantar kurame, aka ba ta ma'aji. Makarantar da gudummawar jama'a take tafiya, har da motar da ke kwaso yaran daga unguwanni masu nisa irin tamu. In babu motar nan, Auta sai zaman gida. Ni ke rakiyarta taro, don gwiwarta ba ta son matakala.

Wata shekara kwamiti ya ɗauki ƙwararren mai neman tallafi, wani matashi da ba ya rabo da kwat ko ana zafin fasa dutse. Goggo ta sa masa Mai-Kwat. Ya zo ofishin shugabar makaranta, inda fanka ke kuka kamar tsohon keken ɗinki, ya raba kasafin gangamin bana. Layi uku ne. Tuntuɓar waɗanda suka saba bayarwa: a kashe ashirin, a samu ɗari. Liyafar masu hali: a kashe hamsin, a samu ɗari. Neman sababbin masu bayarwa: a kashe ɗari da ashirin da biyar, a samu ɗari. Da yake mafi yawan kuɗin daga layi na farko suke fitowa, in an haɗa duka, kowace ɗari za ta ci talatin da takwas.

Goggo ta sauke tabarau kan hanci.

"Ɗan nan, karanta min na ukun."

Ya karanta.

"Wato mu ba ka ɗari da ashirin da biyar, ka dawo mana da ɗari. Sauran fa, aljihun wa?"

"Hajiya, baƙo tsada gare shi," in ji shi yana murmushi, wanda shi ne babban kuskurensa. "Sai an buga takardu, an buga waya, an biya masu zagaye, kuma yawanci ba za su ba da komai ba. Amma cikin goman da suka bayar, wajen uku za su sake baɗi, lokacin ashirin kawai za su ci mana. Tsofaffin kuma kullum raguwa suke. Wani ya rasu, wani ya ƙaura, wani ya gaji."

"Baɗi kana nan?"

"Kwangilata ta shekara ɗaya ce."

"To, kun ji."

Gaskiya ni ma zuciyata ba ta kwanta da shi ba. Kamfanin buga takardun da ya rubuta, da Goggo ta bi diddigi, na surukin abokinsa ne. Farashin bai fi na kasuwa ba, ta tambaya wuri uku, amma wannan bai wanke shi a wurinta ba. Ta ce gwanin ɓarawo ne kawai yake sa farashi daidai. Kwamiti ya soke layi na uku.

A shekarar nan Goggo ta sha yabo. Tsadar kowace ɗari ta sauko zuwa ashirin da takwas, abin da ya rage a asusu ya ɗan fi wanda aka yi hasashe. Mai-Kwat ya gama kwangilarsa ya tafi. Shekara ta biyu aka maimaita kasafin Goggo, ta uku ma haka.

Sai dai sunayen da ake bugawa waya suna ta ƙaranci. Albashin mai kula da wayar da kuɗin zauren liyafa kuwa ba su ragu ba, don haka kowace ɗari ta koma tana cin fiye da yadda take ci a takardar Mai-Kwat. A shekara ta huɗu shugabar makaranta ta ce kuɗi ba za su isa ba, ko a sallami malami ɗaya, ko a ajiye mota. Aka ajiye motar a bayan aji, aka cire mata batir.

Auta ya yi mako biyu yana sa rigar makaranta da safe, ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon titi. A lokacin Goggo ta ba ni tausayi ƙwarai.

Yanzu, da gwiwar tata, ita ke bin shaguna da ofisoshi tana neman sababbin masu bayarwa. Ranar nan na same ta a falo ta baje rasit ɗin tasi da na katin waya, tana ta danna kalkuleta.

"Goggo, nawa ɗarinki ta ci?"

Ta ajiye kalkuletar.

"Ɗari da talatin," ta ce. "Kuma ni na riƙe jakar."