Kawu Ya Kai wa Banki Kuɗinsa Tun Kafin Lokaci

Kawuna tela ne, kuma duk layin teloli babu mai gaggawarsa. Shayi ma a tsaye yake sha. Abu biyu ya tsana a duniya, jira da bashi, sai ga shi sha'awar keken surfani ta haɗa shi da duka biyun.

Dubu ɗari da ashirin banki ya ranta masa na wata goma sha biyu. Kowane wata zai biya dubu goma daga uwar kuɗin, da ruwan kashi biyu cikin ɗari na abin da ya rage a kansa. Ruwan watan farko dubu biyu da ɗari huɗu. Nan Kawu ya tsaya da karatu. Ya naɗe jadawalin biyan, ya tokare ƙafar teburin yanka da shi. Da yake daga asusunsa ake cira, bai taɓa lura ruwan na sauka da ɗari biyu duk wata ba.

Ranar da aka cire kuɗin wata na tara, ya buga lissafi da allin ɗinki a kan teburin: saura wata uku, ruwa dubu bakwai da ɗari biyu. Ya rantse ba za su ci ba. Kafin matarsa ta dawo daga asibiti dubiya, ya sayar da firjin da take sana'ar ƙanƙara da shi, dubu talatin da biyu, don ya rufe bashin gaba ɗaya. Firjin nan ke biya wa yara kuɗin makaranta. Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Ya sanar da duk layi cewa yau zai koya wa banki hankali.

Ma'aikaciyar bankin ta danna kwamfuta ta ce, "Baba, saura dubu talatin. Ruwan da ya rage ɗari shida, ɗari huɗu, ɗari biyu. Dubu ɗaya da ɗari biyu ke nan."

"Ina sauran?"

"Ai ka biya tun da bashin yana da nauyi. Kuma in ka rufe yau akwai tara, kashi biyar cikin ɗari na ragowar, dubu ɗaya da ɗari biyar. Yana cikin yarjejeniyar da ka sa wa hannu."

"'Yata, tara? Don na kawo muku kuɗinku da wuri?"

"Da ka haƙura, da ka fi samun sauƙi da ɗari uku."

Kawu ya tuna teloli na jiran labari. Ya biya.

A gida ya tarar da matarsa zaune tana kallon gurbin firjin. Ya fara bayani, ta ɗaga masa hannu.

"Maigida, ba faɗa. Na je kanti, sabo dubu casa'in ne. Gobe za mu koma bankin naka."

"Mu yi me?"

"Rance zan ci, wata goma sha takwas. Kai za ka tsaya mini."