Ranar da Muka Kai Wadrof Yashe

Ina da shagon kafinta a Kankia lokacin da wani dattijo, tsohon malamin firamare daga Yashe, ya sa na yi mishi wadrof. Da na gama na kira shi na zayyana mishi komai. Tsayinta ƙafa bakwai, faɗi shida, zurfi biyu. Jikinta katakon maɗaci ne, bayanta filawud, ƙofar tsakiya da madubi, kuma sai ƙarti huɗu ke iya ɗaga ta. Na ce gida uku ce, a warware za a kai ta, in haɗa ta da sukuru a cikin ɗaki, don a haɗe ba za ta shige zaure ba. Ya ce ya ji.

Sai ya aiko ƙanensa, wani ƙaƙƙarfan manomi mai saurin fushi, da motar a-kori-kura. Ya tarar da ita a haɗe, don na tsayar da ita in gwada ƙofofi. Na roƙe shi awa ɗaya in kwance ta, ya ce hadari ya taso, ba zai jira ba. Na cire ƙofofin gefe kawai, muka kwantar da ita, na hau baya da akwatin kayan aikina.

Da muka isa Yashe, ƙofar zauren ko ƙafa shida ba ta kai ba, ga kwana daga ciki. Na fara ciro sukurdireba, ƙanen kuwa ya kira maƙwabta uku ya ce a tsallakar da ita ta katanga. Katangar ƙasa ce, ta sha ruwan damina. Na hana, ya ture ni.

Suna ɗora nauyin a kai katangar ta rufta. Wadrof ta faɗo kan ƙafar wani maƙwabci, na ji ƙarar ƙashi, madubi ya tarwatse ya tsaga mishi goshi. Ƙanen ya juyo ya ce ni na ɓoye musu nauyinta. Ya fizgi tsinin katako ya maka mini a baki, haƙorana biyu suka zube. Ban san sanda na zaro guduma na sauke mishi a kafaɗa ba. Muka kama kokawa cikin laka da fasassun gilashi, jini ya jiƙe mini riga, mata na salati daga cikin gida.

Dattijon ya iso daga gona da gudu ya shiga tsakaninmu.

"Sake shi," ya ce wa ƙanen. "Duk ya gaya mini a waya. Ni ne ban gaya maka ba."

Muka ɗaga wadrof daga kan mutumin, aka kai shi wajen mai ɗori a Kusada. Wata uku bai taka gonarsa ba, mu muka yi mishi noma. Ni da ƙanen a kan kunya ɗaya ta gonar muke noma.