Sallamar Da Ba A Amsa Ba

Ƙarar cokali ce a jikin kofin shayi. Ina kicin ina soya ƙosai, wata Lahadi da safe a gidanmu na Orozo, na ji ƙal-ƙal-ƙal ɗin ta ƙi ƙarewa. Sukari ba ya ɗaukar wannan lokaci kafin ya narke. Na leƙo falo na tarar da maigidana, hannu ɗaya yana juya shayin da ya huce, ɗayan riƙe da waya, idonsa a kanta kamar mai jiran sakamakon asibiti.

"Abbansu, kofin nan bai yi maka laifi ba," na ce.

Ya ajiye cokalin. "Ya sake karantawa. Bai amsa ba."

Na san wanda yake nufi. A lokacin an fitar da sunayen waɗanda aka yi wa canjin wurin aiki a ma'aikatarsu, sunansa ya faɗa wani ofishin jiha mai nisa, kuma ana so ya kama aiki can kafin wata ya ƙare. Mu kuwa autarmu tana da sikila. Likitocin da suka san jikinta suna nan Abuja, kuma idan ciwon ya tashi, shi ke ɗaukarta a kafaɗa ya fita neman mota, ni ina biye da katin asibiti. Ya rubuta takardar roƙo da Turanci kamar yadda ƙa'ida ta ce, ya haɗa da rahoton likita, ta bi ta hannun shugaban sashensu, shi kuma ya sa hannu ya tura ofishin Daraktan ma'aikata. Nan ta kwanta. Kullum sakatariya ta ce tana kan tebur. Shugaban sashen ne da kansa ya ba shi lambar Darakta, ya ce ya tuna masa cikin ladabi.

Daraktan dattijo ne ɗan Zariya, ya kusa ritaya, ya isa ya haifi maigidana. Ban taɓa ganinsa ba. Abin da na sani shi ne a masallacin ofis yana sahun gaba, maigidana yana na baya, kuma da Hausa yake amsa gaisuwar kowa.

Na goge hannuna a zani na karɓi wayar. Saƙon farko ya ce: Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Na biyu, bayan 'yan kwanaki, sallamar ce dai, an ƙara da Allah ya ja kwana, Allah ya ƙara girma. Na uku har da Baba a ciki, da addu'a ga iyali. Kowanne da alamar an karanta, shuɗiya shar. Babu komai bayan haka.

"To ina maganar?" na tambaya.

"Wace magana? Mutum bai amsa sallama ba zan hau zuba masa buƙata? Ke kina shiga gida ba a amsa miki ba?"

Gaskiya ce ya faɗa, kuma tarbiyyar da nake son sa dominta kenan. Mutum ne da ko ƙofar ɗakin mahaifiyarsa a buɗe take, sai ya tsaya daga waje an ce ya shigo.

Muna cikin haka abokin aikinsa ya kira, wani ɗan Karshi mai barkwanci, Hausarsa irin ta nan garin. Maigidana ya sa shi a sifika.

"Oga, matsalarka ba ka sa title da yawa ba. Manya suna son abin nan. Ka sa Alhaji, ka sa Dokta, ka sa Cif ma idan akwai waje. Ni matana ma idan ina son tuwo mai zafi, Hajiya Madam nake kiranshi."

Muka yi dariya, amma da ya kashe wayar na ga maigidana ya fara rubuta Alhaji da gaske. Na ce ya dakata in sauke ƙosai.

A gaban kasko ne na tuna da wani ɗan ƙanwar mahaifiyata. Yakan turo mini "Salam Anti" ya yi shiru. Allah ya sani ina amsawa a bakina duk lokacin da na gani, don sallama ba abin wasa ba ce. Amma yatsana yakan yi nauyi, saboda ban san abin da ke biye ba, kuma na san da na amsa na shiga zancen da ban shirya masa ba, ga tukunya a wuta. Ni da nake da ɗan'uwa ɗaya mai yi mini haka kenan. To ina ga mutumin da duk ma'aikata da masu neman aiki ke da lambarsa?

Na kawo ƙosan na zauna kusa da shi.

"Abbansu, yana da lambarka?"

Ya girgiza kai. "Ban zata ba."

"Ashe bai ma san wa ke gaishe shi ba."

"Sai ya amsa in faɗa masa."

Na ce masa lokacin ina sakandare ni ke rubuta wa marigayi mahaifinmu wasiƙa zuwa ga yayansa, wanda ko sunansa ba ya iya faɗa. Yakan ce in rubuta sallama, in rubuta gaisuwa mai yawa da fatan alheri, sannan ya ce "bayan haka", ya faɗi abin da ke tafe da shi. Bai taɓa tura takarda da sallama kaɗai ya zauna jiran direban da ya kai ta ya dawo da amsa ba. Kuma babu wanda ya taɓa cewa Baba ba shi da kunya.

"Wannan ai wasiƙa ce," in ji shi.

"Wannan ma ita ce. Mu ne muke ɗaukar ta kamar muna tsaye a zaure."

Sai ya turo mini wayar ta kan tabarma. "Rubuta mu gani, Malama."

Nan fa aiki ya samu. Ya so a bar Baba, ya ce shekarun mutumin sun ba shi. Na ce shekarun sun ba shi, amma shi bai ba mu ba. Wanda bai san sunanka ba ka kira shi Baba ranar da kake da buƙata, zai ji kamar ana ɗaura masa dangantaka don a ja shi da ita. Ni kuma na kawo Yallaɓai, ya ce a'a, a ofishinsu wannan ta yi kama da ta 'yan sanda, ba haka ake ce masa ba. Oga kuwa ko a baki bai yarda ya faɗa wa dattijon ba. Muka tsaya a kan abin da yake ce masa idan sun haɗu a ƙofar masallaci: ranka ya daɗe, sai muka ƙara Darakta, don a san maganar aiki ce. Addu'o'in nan masu tsawo na rage su zuwa ɗaya. Ya ce na yi rowar addu'a. Na ce sauran mu yi masa a kan sallaya, inda ba zai ɗauka cin hanci ba ne.

Da na rubuta "ina roƙon a duba takardata", ya karɓe wayar da sauri.

"Kai! Wannan umarni ne da rigar roƙo. Ba ni zan ce masa ya duba ba."

Ya goge ya sa nasa, kuma nasa ya fi nawa kyau. Ga yadda saƙon ya tsaya, ban da sunansa da na sashensu:

"Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe Darakta, barka da aiki, Allah ya ƙara lafiya. Ni ne wane, daga sashe kaza. A gafarce ni da shigowa ta waya. Shugaban sashenmu ne ya ba ni izini. Bayan haka, ina cikin waɗanda aka yi wa canji, kuma na shigar da takardar roƙo ta hannunsa saboda rashin lafiyar 'yata, tare da rahoton likita. Takardar tana ofishinka. Na ga ya dace in sanar da kai ne, duk abin da ka gani shi ne daidai. Na gode."

Ya karanta ya sake karantawa. Ya ce har yanzu yana jin kamar ya shiga ɗaki da takalmi. Muka yarda ba za a tura ranar hutu ba, sai gobe idan an shiga ofis an natsu.

Litinin ya fita tun da sauran duhu saboda cunkoson hanyar Nyanya. Na yi walaha na roƙi Allah, in alheri ne ya tabbatar, in kuma tafiyar ce alheri ya ba mu ƙarfin ɗauka. Amma ba zan ɓoye ba, zuciyata gefe ɗaya ta karkata. Idan dattijon ya ga rashin kunya a saƙon, ni na jawo, kuma jakar maigidana tana nan a jingine a ɗaki, rabinta cike da kaya.

Ina tsintar shinkafa wayata ta yi ƙara. Hoton saƙo ne maigidana ya turo mini. A ƙarƙashin namu an rubuta: "Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ba ta lafiya. Ka same ni bayan Azahar."

Na ajiye tiren na yi sujada a nan tsakar kicin.

Da yamma ya dawo da lemo da kankana, tun daga ƙofa yake kwaikwayon muryar dattijon. Wai da ya shiga ya durƙusa, Darakta ya ce, "Tashi ka zauna. Ashe kai ne mai sallamar nan? Kullum ina amsa maka a zuciya, ina cewa wannan bawan Allah yaushe zai faɗi abin da ya kawo shi." Ya sa sakatariya ta zaƙulo takardar daga ƙarƙashin wasu, ya karanta rahoton likitan har ƙarshe, ya yi tambaya a kan yarinyar, sannan ya yi rubutu a gefe. Bai yi alkawarin komai ba, ya ce akwai na sama da shi. Sai da aka ƙara 'yan kwanaki muna jira kafin takarda ta fito cewa an dakatar da canjin, ya ci gaba da zama a hedikwata.

Ranar da ya kawo ta na dafa shinkafa da kaza, na aika wa maƙwabta. Shi kuwa ya zauna yana ba yara labari, yana cewa uwarsu ta hana shi kiran mutum Baba. Na ce ai shi ma ya hana ni ba Darakta umarni.

Na shiga ɗaki in kwance jakar nan, sai auta ta biyo ni, ta tsaya tana kallona ina fito da riguna.

"Umma, in kin kai ƙasa za ki ga 'yartsanata. Na sa wa Abba ne don kada ya kwana shi kaɗai a can. Tunda ya fasa, a ba ni abata."