Kuɗin Taya

A kamfanin roba na Sharada, ni ne gwanin waya, da guntun bokona. Wani dattijo direban kamfanin ya so buga cacar ƙwallo, amma 'yarsa ke karanta masa alat na banki. Na ce mu bi ta kirifto, kuɗin intanet, ba mai gani. Ya miƙo kuɗin da ya ware don sayen tayar babur ɗinsa.

Na sayi kirifton da safe. Kafin azahar farashi ya faɗi. Don in rage asarar, wajen turawa sai na zaɓi layin da cajinsa ya fi araha, ba wanda shafin cacar ya rubuta ba. Kuɗi suka fita, ba su shiga ba. Na kai kuka wurin masu shafin, suka ce abin da aka tura ya tafi, babu mai juyo shi.

Na ce wa dattijon shafin ne ya cinye.

"Bar su, ɗana," in ji shi. "Wa zan kai wa ƙara, da furfurata?"

Wata biyu yana takowa da ƙafa daga gidansa a Zawaciki, babur ba taya. Kullum shi yake fara gaishe ni.